Shafin Ragunan Inna

Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, Inna, wadda ta haife ni, tana da raguna turke a Jiratawa, kuma su ne jarinta kaf. Masu sayen da suka saba zuwa daga Najeriya babu hanya. Ragon Layya kuwa in Salla ta wuce shi, ya zama nama kawai.

Ni lokacin ina wani shago a Sabon Gari na Maraɗi, ina shirya wa 'yan kasuwa shafukan talla na intanet. Na ce mata bari mu nemi ma'aikatan Yamai, su riƙe rago tun da wuri, a kai musu a kamiyo, babbar motar kaya. Da ita da matan ƙungiyarsu suka yarda.

Na zauna na rubuta, kuran, wutar lantarki, na zuwa yana ɗaukewa. A sama layi ɗaya manya-manya: "Riƙe ragonka na Layya yau, mu kawo maka har Yamai." Ƙarƙashinsa amfanin abin: ba yawon kasuwa a rana, ba ciniki da dillali, kuɗin da ka gani shi za ka biya. Sai shaida, hotunan ragunan da takardar likitan dabbobi, da muryar wani malamin lakwal, makarantar boko, na Tsibiri da ya saya bara. Na sa ranar rufe karɓar sunaye. Daga ƙarshe maɓalli guda, kore: "Riƙe mini rago." Ka taɓa, ka sa suna da lamba, ka zaɓi girma, ka aika kafin alƙalami. Da haka za mu san raguna nawa za su hau mota.

Motar kuwa ta Kawu ce, yayan Inna, babban Alhaji mai sito-sito a Maraɗi. Dole a nuna masa. Na durƙusa na miƙa masa talho, wayata, shafin a buɗe, ya riƙe shi nesa kamar an ba shi kifi ɗanye.

"Ke ɗiyar nan, ina sallama? Haka ake afka wa mutane?"

Aka ture kan maganar can ƙasa, aka ɗora gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali da gajiya. Ya ga hotunan, ya ce wa ke baje dabbarsa duniya ta sa mata baki? A cire. Na ce, "Kawu, ai su ne shaida." Ya ce sunansa bai isa shaida ba? Aka sa hotonsa, babbar riga da carbi, yana harar kyamara. Wallahi wanda ya buɗe shafin sai ya zaci sanarwar rasuwa ce.

Ranar rufewa ma ta tafi, wai su ba sa korar mai saye. Kafin alƙalami kuwa cin fuska ne ga mutumin kirki, baki ya isa. Da muka zo kan maɓallin ya tambaya wa yake kira in an taɓa. Na ce ba kowa, rajista ce. Ya yi dariya, ya ce a sa lambobin 'ya'yansa maza, duka, kada wani ya ji an ware shi.

Nan na kasa haɗiyewa. Na ce, "Kawu, in mutum ya ga lambobi barkatai ba ya kiran kowa. Kuma ragunan nan ba naka ba ne."

'Ya'yansa kuwa suna nan zaune a falon, suna ji. Aka yi yadda ya ce, don motar tasa ce.

Mutane sun kira kam, kaɗan. Samarin nan suna zaune a fada, majalisarsu ta hira, suna shan shayi, wanda ya ga dama ya ɗauka, ya ce, "An riƙe maka, Alhaji, in sha Allahu." Ba suna, ba ko dala. Kowannensu yana son ya burge uban, sai ya riƙa ƙara nasa adadin. Kawu ya aiko wa Inna cewa raguna ma ba za su isa ba. Har rawa ta taka a tsakar gida.

Aka loda su duka. A Yamai aka bi lambobin waɗanda suka kira, wannan ya riga ya saya, wancan ya ce ai tambaya kawai ya yi. Ragunan suka tsaya bakin titi suna ramewa a rana, har jajibiri, dillalai suka kwashe su a yadda suka ga dama. Abin da ya dawo, bayan an cire kuɗin mai, ko tumaki biyu na kirki bai saya ba. Na yi kuka na takaici, ba na ɓoyewa.

Bayan Salla na hau kabu-kabu na je Jiratawa. Na tarar Inna ta tumɓuke turakun ta jingine su a bayan madafa. Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga mini hannu.

"Na ji kin mayar wa kawunki magana a gaban 'ya'yansa. Ɗauki gyalenki."

"Ina za mu, Inna?"

"Za ki ba shi haƙuri. Ni kuma in yi masa godiyar mota."