Sakan Casa'in da Suka Cinye Sallamata

Tun da yanar ido ta rufe wa mahaifiyata Inna gani, da murya take gane ni. Tana zaune a Kelle gidan yayana, ni kuma ina Gure ina aiki a gidan rediyon gari, inda nake gabatar da shirin makiyaya kowace safiya. Rediyonta na rataye a ƙusar rumfa. Da ta ji na yi sallama sai ta amsa da ƙarfi, ta ce wa duk wadda ke kusa, "Ga ta nan, ta tashi lafiya." In mura ta kama ni, kafin azahar saƙonta ya iso, wai in sha kanwa. Abin da nake da shi a wurin tsohuwar nan ke nan, muryata da gaisuwata, kuma su wani ɗan proje, ma'aikacin wata ƙungiyar agaji, ya ɗauka ya yi wasa da su. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mutumin daga Yamai ya zo, cikin farar mota, da kwamfutarsa a hammata. Ƙungiyarsu ta yi wani ɗan fim na zane a kan rigakafin awaki da tumaki, za a riƙa tura shi a wayoyi, a nuna a tele, wato talabijin, da kasuwanni. An gama shi da Faransanci, saura Hausa, an ce masa muryata makiyaya suka sani. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A ranar na kira yayana na ce ya ba Inna wayar, na ce mata, "Inna, za a sa ni a fim." Ta yi guɗa har sai da na janye wayar daga kunnena.

Mutumin ya zauna a buron darektanmu, wato ofishinsa, ya yi mini lissafinsa. Fim ɗin sakan casa'in ne, minti ɗaya da rabi, ba ƙari, haka masu ba da aikin suka yanke. Sakan shida na ƙarshe na tambarin ƙungiyoyi ne, babu magana a kansu, saura tamanin da huɗu. Mai karanta irin wannan fim da Faransanci yana yin kalma ɗari da hamsin a minti, saboda haka suka rubuta kalma ɗari biyu da goma, ta shiga daram. Lissafinsa daidai ne, ban ce ba daidai ba ne. Amma lissafin Faransanci ne a bakin ɗan Yamai, kuma sun riga sun zana hotunan a kansa sun kulle. Akuya tana shigowa a sakan ɗinta, allura a nata, ko ka gama maganarka ko ba ka gama ba.

Na ɗauki takardar na juya ta zuwa Hausar da mutanenmu za su gane. Da na ƙirga, kalma ɗari biyu da casa'in. Inda Faransanci ya jefa kalma ɗaya ta likitan dabbobi ya wuce, ni sai na ce cutar da ke sa akuya zawo da majina da gyambon baki, domin da haka makiyayi ya san ta. Sannan na yi abin da muke yi a rediyo in an ba mu sanarwa: na ɗora waya a tebur, na kunna agogonta, na karanta minti ɗaya cur da muryar da nake shiri da ita, na ƙirga inda na tsaya. Na maimaita, amsar ba ta canza ba, kalma ɗari da talatin. Ba nauyin baki gare ni ba. Rabin masu saurarena Barbarci ko Fillanci suke yi a gida, Hausarsu ta kasuwa ce, in ka yi musu gudu ka zubar da su a hanya. Da wannan tafiya, takardata za ta ci minti biyu da sakan goma sha huɗu. Abin da zai shiga tamanin da huɗu kuwa kalma ɗari da tamanin ne da ƴan kai.

Washegari na kai masa wannan. Na kuma nuna masa lambar wayar da ke ƙarshen takarda, wadda ake so makiyayi ya kira. Kwamfutarsa ta ƙirga ta kalma ɗaya, alhali a baki sai ka faɗe ta biyu-biyu a hankali, ta ci sakan bakwai ko takwas.

Na ce masa, da kiran girmamawa irin na Faransanci, "Mushe, ɗayan biyu ne. Ko a ƙara wa fim ɗin tsawo, ko ku zaɓi abin da za a bari a cikin saƙon, a rage shi zuwa ɗari da tamanin."

Ya ce, "Madam, tsawo ba ya taɓuwa. Saƙon ma an sa masa hannu a sama, ba na iya cire ko layi ɗaya. Ke dai ki ɗan yi sauri."

Ki ɗan yi sauri! Wai ni da na shekara da shekaru a gaban mikro za a koya wa sauri. Na haɗiye, na koma na zauna da takardar ina aske ta. Duk inda kalma biyu za su yi aikin uku na rage, duk wani "kamar yadda kuka sani" na watsar. Ban taɓa saƙonsu ko ɗaya ba, tunda ya hana. Na sauko zuwa ɗari biyu da hamsin, daga nan ta ƙi motsi. Aka ɗauka a situdiyo, agogo ya nuna sakan ɗari da goma sha biyar.

Ya sa abin ji a kunne ya saurara, sai ya tsayar tun a farko.

"Wannan na farkon mene ne? Babu shi a Faransancin."

"Sallama ce. Na gaida iyayena makiyaya, na tambaye su gida da bisashe."

"Sakan takwas, Madam. Sakan takwas kina gaisuwa."

Haba! Nan na kasa riƙe bakina. Na ce masa a nan ko tambayar hanya za ka yi wa dattijo a bakin rijiya, sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tambayi dabbobi, sannan ya ɗago ido ya dube ka. Ni ƴar makiyaya ce, ba zan faɗo wa sa'o'in ubana da maganar allura kamar na zo karɓar haraji ba. Na ce in sakan yake nema, ga shida can an ba tambari, tambarin da mutanen da ake yi dominsu ba su iya karantawa ba. Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya riga ya gama shawara, ya ce kada in damu, mai montaj ɗinsu, mai haɗa sauti da hoto, a Damagaram gwani ne, zai san yadda zai yi. Na ce, "In za a taɓa, a kira ni in sake karantawa." Ya ce in sha Allah, ya naɗe wayoyinsa ya shiga mota. Ba wanda ya kira ni.

Bayan ƴan makonni fim ɗin ya faɗo a wayata daga wata abokiyar aiki. Na kunna ina tsaye a ƙofar situdiyo, sai da na nemi kujera. Na san aikin, don haka na ji duk abin da aka yi mini ɗaya bayan ɗaya. Sun datse sallamar, sakan takwas sun fita. Sun bi tsakanin jimloli sun tsince duk inda na ja numfashi, suka samu wajen bakwai. Saura ɗari, ana neman tamanin da huɗu, sai gwanin nasu ya ƙara wa sautin gudu da kashi ashirin cikin ɗari. Akwai hanyar yin haka a riƙe kaurin murya yadda yake, ko wannan bai yi ba. Muryata ta tashi sama ta sirance, ta koma ta ƴar yarinya da aka aika tana sauri kada ta manta saƙo. Lambar wayar ta wuce fuu, ni da na karanta ta ma ban kama ta ba. Amma fa akuya ta shigo a sakan ɗinta, tambari ya samu shidansa cif.

Na kira mutumin Yamai. Wallahi ban san na iya faɗa haka ba. Na ce masa wannan ba muryata ba ce, su cire ta. Ya ce an riga an raba, kuma a sama an yaba ƙwarai, an ce ya shiga lokaci daidai. Na ce waɗanda suka yaba suna jin Hausa? Ya ce yana cikin taro, zai neme ni. Har yau yana nemana.

Ranar kasuwar Kelle na je gida. Na tarar da Inna a rumfa da maƙwabtanta mata biyu, yayana yana gyaran igiyar raƙumi. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina, ta ce na rame. Ban kai ga shan ruwa ba yayana ya zaro waya, fuskarsa cike da fara'a, shi a ganinsa abin alheri zai yi. Ya ce, "Inna, saurari wannan." Na ɗaga masa hannu, amma ya riga ya danna.

Ta karkata kunne yadda take yi wa rediyo. Minti ɗaya da rabi ban taɓa jin tsawonsa ba sai ranar. Da ya ƙare ta ja tsaki.

"Wannan ƴar wa ce? Ba sallama, ba sannu, ta faɗo wa mutane tana ta zuba kamar ana korar ta. Me ma ta ce a yi wa awakin?"

Ɗaya daga cikin matan ta ce ita ma allura kawai ta ji.

"Yaran yanzu ke nan," in ji Inna. "Laifin uwarta ne, ba ta koya mata gaida manya ba."

Yayana ya buɗe baki, na harare shi, ya mayar da wayar aljihu ya koma kan igiyarsa. Idona ya cika, na gode wa Allah da ba ta gani. Ba kunya ce ta kama ni ba, baƙin ciki ne. Matar nan ita ta koya mini durƙusawa tun ban iya ɗaura zane ba, ga shi wani da bai taɓa taka Kelle ba ya sa ta zagi kanta a gaban maƙwabta saboda sakan takwas.

Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta juya wajen matan.

"Ku bari fim ɗin ƴata ya fito ku ji yadda ake magana." Sannan ta matse yatsuna. "Naki fa, yaushe za su gama shi? Na gaya wa duk unguwa."

Na ce, "Ba su gama ba tukuna, Inna."

Har yau duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni.