Allurar da Ba Ta Karye Ba

A ofishinmu na jarida, tebur na ƙarshe kusa da taga na Kawu Wa-ya-ce ne. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, furfura ce ta ba shi kawun, sauran sunan kuma bironsa ne ya jawo masa. Shi ke gyara rubutun shafin wasanni, kuma da wuya ka miƙa masa labari ya dawo maka ba tare da ja a gefe ba: wa ya ce? Ni da nake ɗauko labarin ƙwallo na fi kowa shan wannan jan biron. Akwai lokacin da na ƙirga guda goma sha ɗaya a labarin da bai kai tafin hannu ba.

Abin dariyar shi ne Kawu bai san ƙwallo ba. Har yau idan aka busa satar gida sai ya tambaya gidan wa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana akawu a sashen ƙashi na wani asibiti, yana buga rahoton likitoci da tafireta, har ya yi ritaya. Ya zauna a gida wata huɗu, matarsa ta ce ko dai ya nemi aiki ko ita ta nemi wurin zuwa, domin ko cewa ta yi ana ruwa sai ya tashi ya leƙa taga. Haka muka gaje shi.

Da kalmomin asibiti ya zo mana, yana kuma kishinsu kamar 'ya'yansa mata. A wurinsa targaɗe daban, gocewar ƙashi daban, karaya daban. Tsagewar ƙashi kuwa, in ji shi, ita ma karaya ce a wurin likita, don haka kada wanda ya rubuta masa "bai karye ba, tsagewa ce kawai". Amma kalmar da ta fi tayar masa da hankali ita ce jijiya. Da ya gan ta sai ya cire tabarau.

"Wace jijiyar, ɗana? Ta jini? Wadda ke haɗa tsoka da ƙashi? Ko wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa? Duk jijiya muke ce musu, amma kowace da ciwonta da maganinta."

Ni kuwa a lokacin jinina na tafasa, gani nake duk wannan ɓata lokaci ne. Mutane ƙwallo suke so, ba darasin asibiti ba.

Ranar wata Asabar na je filin wasa. Ƙungiyar garinmu tana da ɗan gaba da ake kira Allura, saboda siriri ne, kuma ba ƙofar da ba ya shiga. Ana minti na sittin da uku ya taka ƙafar dama zai juya, ba wanda ya taɓa shi, sai ya zube yana riƙe da gwiwa. Aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar 'yan wasa, ya rufe fuska da riga. Mai hotonmu ya samu daidai lokacin da rigar ta zame, hawaye sharkaf. A bakin ɗakin sauya kaya na tare mai yi wa 'yan wasa tausa, wanda mun saba. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya raɗa mini cewa yaron ya ce ya ji wani abu ya yi ɗas a cikin gwiwar. "Jijiya ce ta tsinke," in ji shi. "Na ga irinta. Amma ban faɗa maka ba."

Jaridarmu Litinin take fita, Lahadi da azahar ake rufe shafi. Da safiyar Lahadin na shiga ofis kamar wanda ya dawo daga farauta. Na rubuta cewa jijiyar gwiwar Allura ta tsinke, cewa ba zai sake buga wasa a bana ba, kuma mai yiwuwa ƙwallonsa ta ƙare ke nan. Kanun labarin ma ni na haife shi: ALLURA TA KARYE. Edita ya karanta ya buga tebur, ya ce wannan kanu ko makaho zai saya.

Sai takardar ta isa teburin taga. Kawu ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya cire tabarau.

"Me ya karye?"

"Kawu, salon magana ne. Allura, ta karye. Ka gane?"

"Na gane. Mai karatu kuma zai gane ƙashi ne ya karye. An ce maka ƙashi ya karye?"

"A'a, jijiya ce."

"Wa ya ce?"

Na ce majiya ce mai tushe. Ya tambaya ko majiyar likita ce. Na ce ta kusa da likita. Ya ce shi ma shekara ashirin da biyu ya yi kusa da likita, amma ko yatsa bai taɓa ɗorawa ba. Mai hoto ya ƙyalƙyale da dariya, Kawu ya juyo kansa, ya ɗaga hoton hawayen da yatsu biyu, ya ce in ɗan'uwansa ne a kan gadon nan, zai so a rataye shi a kowane shagon aski? Dariyar ta tsaya.

Edita ya leƙo ya ce shafukan intanet duk sun riga sun ɗauka tun jiya, wasu ma sun ce yaron ya gama, mu za mu fito Litinin da me? Kawu ya ce da abin da muka sani. Sannan ya dube ni, muryarsa ta sauko.

"Ɗana, wanda zai fara karanta wannan labarin ba mai shagon aski ba ne. Mai gwiwar ne. Yana kwance, ƙafa a kan matashi, ba abin da yake yi sai neman sunansa. Kai za ka gaya masa ƙwallonsa ta ƙare, likitansa bai gaya masa ba?"

Haushi ya cika ni. Ya turo mini wayar ofis ya ce in kira likitan ƙungiyar.

Likitan ya ɗauka a kira na uku. Ya ce abin da ɗan wasan da ƙungiya suka yarda a faɗa shi ne: an ɗauki hoton ƙashi, ba a ga karaya ba, gwiwar ta kumbura, za a yi hoton MRI ranar Talata. Na ce to jijiyar fa? Ya ce hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, shi ya sa za a yi na biyun. Na ce wata nawa zai yi bai buga ba? Ya ce ran da ya sani, ɗan wasan zai fara gaya wa, ba ni ba.

Abin da muka buga ke nan. Layi shida, da kanu mai sanyi kamar ruwan randa: Allura ya ji rauni a gwiwar dama, ana jiran sakamakon hoto. Minti nawa ya fita, abin da likita ya ce, da cewa ba a san girman raunin ba tukuna. Hoton da aka sa na shi ne yana gudu da ƙwallo kafin faɗuwar. Sunana a sama. Wallahi ranar Litinin kunyar fita na ji. Wani abokin aiki daga wata jaridar ya kira ni ya tambaya ko mun koma buga sanarwar asibiti ne.

Ranar Alhamis ƙungiya ta fitar da sanarwa, da yardar ɗan wasan. Jijiyar gaba daga cikin biyun da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, masu ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, ta tsinke. Za a yi masa tiyata idan kumburi ya sauka, gwiwar ta dawo tana lanƙwasuwa. Likita ya ce irin wannan rauni yakan ɗauki kamar wata tara ko fiye kafin a koma fili, amma kowa da jikinsa.

Na ɗauki takardar na tafi teburin taga ina rangaji.

"Kawu, jijiya ce. Na faɗa tun Lahadi!"

"Ka canka daidai," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Mai duba ma yakan dace wani lokaci. A cikin abu huɗu da ka rubuta, jijiyar gaskiya ce, bana ma gaskiya ce. Karayar fa? Ƙarewar ƙwallon fa?" Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya ja layi a ƙarƙashin "kamar" da "ko fiye", ya ce in na yar da su a hanya zai sani.

Bayan kwana goma Allura ya yarda in je mu yi hira. Na same shi a falon gidan yayarsa, ƙafar a miƙe kan kujera cikin abin ɗaure gwiwa, sandunan dogarawa jingine da bango. Kusa da shi ya fi yadda nake zato ƙuruciya. Muka yi maganar tiyata da atisayen da ake sa shi yi. Da na kashe rikoda na miƙe, sai ya ce in tsaya.

"Yaya, kai ne ka rubuta na ranar Litinin ɗin nan?"

Na ce ni ne, ina jiran gori.

Ya ce tun daga motar asibiti ya fara duba waya. Wani ya ce ya karye, wani ya ce ya gama, wani har ya jera sunayen waɗanda za su gaje shi. Kwana biyu bai iya cin abinci ba. Ranar Litinin yayarsa ta sayo jaridarmu ta karanta masa, ya sa ta maimaita sau uku.

"Kun ce ba a sani ba tukuna. Ni ma ban sani ba. Sai na ji kamar akwai waɗanda suka zauna jira tare da ni."

Ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, domin ni na san abin da na rubuta da farko, shi kuma bai sani ba. Na karɓi godiyar da ba tawa ba na fito.

Daga can ofis na zarce. Na ja kujera kusa da Kawu na kwashe duka na gaya masa, har da riƙon hannun, na ce godiyarsa ce na kawo masa. Ya saurara har na gama, yana juya biro a yatsunsa.

"Madalla," ya ce. "Kumburin ya sauka?"

Awa guda na yi zaune kusa da gwiwar nan, ban tambaya ba.