Kilo Uku na Tsinke

Ƙanena mai guga ne. Shagonsa tebur ɗaya, dutsen guga biyu, sai zufa. Ni na raɗa masa Tsinke tun yana yaro, kuma Allah ya yafe mini, har masu kawo masa kaya da shi suke kiransa. Shekararsa ashirin da biyu, a gidana yake tun rasuwar mahaifiyarmu. Kullum ya zauna cin abinci sai na tanka: "Kai dai asarar hatsi ne." Ya yi murmushi, ya ajiye cokali. Ni kuma in ce ai ƙoshi ya yi.

'Yata mai ciwon sikila ce. Ranar da aka ƙara mata jini, asibiti suka ce 'yan uwa su mayar da leda ɗaya. Shi ya fara naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli: kilo arba'in da bakwai. Ta ce ba sa ɗiban jinin wanda bai kai hamsin ba. A gaban mutane na kwashe da dariya.

Washegari na jibge masa katan na lemon kwalba da biskit. Ya mayar mini da su a hankali.

"Yaya, ma'aikaciyar jinyar ta ce waɗannan cika ciki kawai suke yi, su kashe sha'awar abincin kirki."

Ashe ya koma wurinta shi kaɗai. An gwada shi, ba wata cuta, rashin ci ne kawai. Ta rubuta masa takarda: ci sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan. Ƙwai, wake, madara, gyaɗa, ayaba, ɗan mai a kan shinkafa. Ruwa bayan abinci, kada ya cika ciki kafin ya fara. Ya riƙa ɗaga abu mai nauyi don abincin ya zama tsoka, ba teɓa ba.

Ya sayi ƙaramin risho ya kai shago. In riga tana shan iska, shi yana ɓare ƙwai. Da yamma ya ɗaga jarkokin ruwa. Wani satin rabin kilo, wani satin ko ɗigo.

Bayan wata huɗu 'yata ta sake kwanciya. Tsinke ya hau sikeli, ya nuna hamsin cif, aka ɗebi jininsa. Ina tsaye ina baza haƙora, har da ce wa ma'aikaciyar, "Kin ga aikin tukunyata ko?"

Ta dube ni, ta dubi katinsa, ta sake dubana.

"Ke ce wa a wurinsa?"

"Yayarsa mana. A gidana yake."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ranar da ya dawo wurina na tambaye shi wa ke dafa masa a gida, in kira shi in yi masa bayani. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce ba kowa."

Yana kwance da auduga a hannu, ya kau da kai wajen bango. Wallahi kunya ta hana ni ko kiran sunansa.