Hon Biyu a Bakin Layinmu

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma lambar da ke jikin gada ban taɓa kuskuren karanta ta ba. Matata kan ce duk ilimina ke nan, ni kuwa na ce ai shi ya ciyar da ita.

Muna da al'ada ni da ita. In na dawo daga Kano da lodi, nakan bi ta bakin layinmu a Lamisula in danna hon sau biyu, ita kuma ta ɗora tukunya. Da idonta ya mutu, hon ɗin nan ya zame mata agogo. Daga baya aka gitta ƙarfe a saman hanyar don tare dogayen motoci, aka kafa allon iyakar nauyi a 'yar gadar da ke gaba da shi. Layinmu yana bayan su biyun. Na koma ajiye mota a tasha, ina shigowa gida a keke Napep shiru kamar baƙo.

Da zan yi tafiyata ta ƙarshe kafin in miƙa makulli in bar tuƙi, ta ce, “Bakano, zan ƙara jin kukan jakar nan taka kuwa?”

Na ce, “Hajiya, jaka mai taya goma? Za ki ji.”

Sai a hanya na gane abin da bakina ya jawo mini. Da lodin gishiri, sifirin ƙarƙashin mota yakan kwanta, bodi ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin ƙarfen da ƙyar, amma gadar ba za ta ɗauke ni ba. In na sauke kaya gada ta yarda, sai dai mota ta miƙe kusan taƙi guda, ƙarfe ya kama kan bodi. Na san direban da ya manta wannan, ya bar rabin katakonsa a titi.

Saura hanya ɗaya, ta baya, matsattsiya. Na sauke kaya da hantsi, na ɗauki igiyar da na ƙulla daidai faɗin mota da gorar da na yanka daidai tsayinta, na taka hanyar da ƙafa. Wayoyin lantarki sun ɗara gorata. Wata kwanar hanya ɗaya ce ta ƙi, saboda teburin mai kayan miya.

Na yi mata bayani. Ta ce, “Baba, duk wannan awon don hon?”

Na ce, “Umarni ne daga sama.”

Ta yi dariya, ta janye teburinta, ta sa mai gawayi ya kwashe buhunansa. Na shigo a giya ta ɗaya, madubi a naɗe, gumi har cikin hula.

A bakin layi na danna sau biyu.

Na tarar da matata a tsakar gida tana laluben murfin tukunya, fuskarta jiƙe.

Ta ce, “Na biyun bai fita sosai ba. Wanke hannu, burabusko ne.”