Mai Tsaya Mini

Ƙarfe biyu da rabi ne na ranar Juma'a, an sauko daga masallaci. Mu uku ne a zaure: ni, da kawuna, da almakashin da yake gyara gemu da shi, don shi ya fi saurara.

Shekaruna da yawa ina tsaron shagon yadi na wani Alhaji a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan. Ɗakin da muke ciki ni da matata nasa ne. Kasuwa ta ja baya, albashi bai motsa ba, ga matata da ciki. Duk ranar da Alhaji ya ji ina neman wani wuri, aiki da ɗaki za su tafi tare.

Saboda haka na bi abin daki-daki. Da farko na ƙi neman aiki a cikin Sabo, inda ko tari ka yi sai mai shayi ya ji. Sannan ban taɓa fita a lokacin shago ba, sai Juma'a da muke rufewa har la'asar. Ko abokin aikina ban gaya wa ba. A unguwar Mokola na samu wata Bayarabiya mai sayar da shinkafa a sari, tana son mai kula da sito da zai iya magana da direbobin Arewa. Ta gwada ni da Yarabanci, ta gamsu. Na roƙe ta kada ta tuntuɓi maigidana, ta yarda. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin ta ba ni tabbaci, in kawo dattijo mai gidan kansa ya tsaya mini.

Abin da ya kai ni zauren kawu ke nan. Ya bar ni na gama, ya hure almakashi.

"Ɗana, sahunmu ɗaya da Alhajinka. Ba a ɗauke yaron mutum ta bayan gida. Sai mu je da goro, mu nemi ya sallame ka, sannan in tsaya."

"Kawu, in ya sallame ni, ita kuma ta fasa fa?"

"To, ka auri mai shinkafar, ka huta."

Ban yi dariya ba. Na koma Mokola na nemi ta ba ni tabbaci tukuna. Ta ce mutane da yawa na jira, ba ta riƙe wuri ga wanda danginsa ba su tsaya masa ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Na gwada wasu dattawa biyu ba tare da na faɗi ko wane ne mai neman ba, duk suka fara tambayar yaron wa ne.

Yanzu kullum da safe ina buɗe shago, in jera shadda, in gaida Alhaji, in duba fuskarsa ko kawu ya yi magana. Matata ta daina tambayata, sai dai na ga ta ƙulle kwanukanta a buhu.

Kai mai karatu, in ka gane shagon, ka kama bakinka. In kuwa kana da gida a Ibadan, kuma ba sahunku ɗaya da Alhaji ba, don Allah ka zo ka tsaya mini kafin wata ya ƙare.