Layi Ɗaya a Littafin Malam Saura

Malam Saura muke kiran akawun makarantarmu, saboda ko gaishe shi ka yi, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Lafiya lau. Kai saura dubu biyu." Ofishinsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakala: tebur ɗaya, fanka mai kukan tsufa, da taga mai ƙarafa inda iyaye ke miƙo takardar banki su karɓi rasit.

Littafinsa kuwa ya kusa kai ni nauyi a lokacin. Kowane aji da shafinsa, kowane yaro da layinsa: bashin zangon baya, kuɗin wannan zango, abin da aka biya, lambar rasit, sai saura. Mako biyu kafin jarrabawa yakan fitar da sunayen masu saura, aji-aji, ya kai wa hedimasta. Wanda aka kira sunansa a taron safe, sai gida, ba shi ba jarrabawa har ya kawo ciko. Alfaharin Malam ɗaya ne a duniya: bai taɓa soke layi a littafin nan ba.

Ina aji biyar aka kira sunana. Ni da na raka mahaifiyata banki da ƙafata! Ɗinki take yi, na kuma san ɗinkuna nawa ta haɗa kafin kuɗin nan su cika. Na ratsa layin yara na fita, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na isa gida, Mama ta ajiye almakashi ta ja hannuna har bakin tagar.

"Malam, na biya fa. Kai da hannunka ka ba ni rasit."

"To ina rasit ɗin, baiwar Allah?"

Takardar banki tana wajensa, rasit kuma na bar shi a aljihun rigar makaranta an wanke da shi. Har yau idan na tuna ina jin haushin kaina.

"Littafi ba ya ƙarya," in ji shi. Ya juyo mana shafin Biyar B. Ga sunana, ga saura, cif.

Na tsane shi ranar nan, ban ɓoye ba.

Abin da ya biyo baya, daga bakin malamar ajinmu na ji shi bayan shekaru. Kuɗin da ke littafinsa sun yi daidai da na banki, ko kwabo bai ɓata ba, don haka da ya ja bakinsa ya yi shiru, babu mai ganewa. Amma ya kasa cin abincin rana. Ya ɗauko kwafin rasit yana bi ɗaya bayan ɗaya, sai ga nawa. Ya aika aka tattaro masa rajistar kowane aji, ya ƙirga kawuna. Yaran makaranta ɗari huɗu da goma sha ɗaya, layukan littafinsa ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ashe a farkon zango, da aka mayar da ni daga Biyar A zuwa Biyar B, ya buɗe mini sabon layi, bai rufe tsohon ba. Da Mama ta biya, hannunsa ya tafi shafin da ya saba. Na zama mutum biyu: ɗaya ta biya, ɗaya ana bin ta.

Da yamma muka ji sallama a ƙofar gida. Malam Saura ne, littafin a hammata, gumi sharkaf. Ya ƙi zama. Ya buɗe shafin Biyar A ya nuna wa Mama layin da ya soke da jan biro, an rubuta a gefe: kuskurena ne.

"Ki yafe mini, Maman yarinya. Gobe ta koma."

Hedimasta ya so a bar maganar a ofis, don ya rufa wa dattijo asiri. Malam ya ce atafau, a gaban jama'a aka kira sunan yarinyar nan, a gaban jama'a za a wanke ta. Washegari ya tsaya a taron safe, mutumin da ba mu taɓa gani a tsaye a wajen tagarsa ba, ya faɗi laifinsa da bakinsa. Na rubuta jarrabawata.

Yanzu an rushe matakalar, lissafin ma ya koma kwamfuta, kuma wallahi ina kewar kukan fankar nan. Bara na je gaishe shi. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, jikokinsa ma sai ya tambayi sunayensu. Na durƙusa na faɗi nawa, ban sa ran komai ba.

Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Biyar B," ya ce. "Ba a bin ki ko sisi, 'yata."