Awo huɗu, awo takwas

A makarantarmu ta ungozoma kowa Mama yake ce mata, har malamai. A shekaru ta kusa haihuwata. Shekara goma sha ta yi tana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye, ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai sharar ɗaki, kafin a turo ta Katsina ta yi takardar ungozoma ta gaske. 'Yan ajinsu sun wuce sun bar ta. Ta faɗi jarrabawar ƙarshe ta makaranta, wadda sai ka ci ta za a tura sunanka babbar jarrabawa, kuma dokar makarantarmu sau biyu ake zama. In ta sake faɗuwa, ta tattara ta koma inda ta fito.

Masu maimaici ba su shiga aji. Ɗakin haihuwa ake tura su su yi ta aiki har ranar jarrabawa. Can muka haɗu da aka kai ajinmu koyon aiki, kuma can ta yi min abin da ta yi min.

Wata mata ce daga Kambarawa, cikin fari, tana naƙuda tun safe. Na sa safar hannu na duba ta. Na ji kan yaro sumul a ƙarƙashin yatsuna, ban ji komai ya tare shi ba, sai na ɗago ina ji da kaina na ce bakin mahaifa ya buɗe duka, santimita goma, ta fara yunƙuri. Har matar ta ja numfashi. Mama ta ture ni da kafaɗa, ta duba, ta ce wa matar, "Kar ki yi nishi, ƙanwata, ki yi ta huci kawai." Sannan ta juyo gare ni.

"Shida ne. Ya yi siriri ne ya lulluɓe kan, shi ya sa ba ki ji shi ba. Ki sa ta yunƙuri yanzu bakin ya kumbura, sai mi? Waɗannan yatsun naki na latsa waya ne, ɗiyata."

A gaban sista, a gaban 'yan ajinmu huɗu, a gaban mai naƙuda. Aka kwashe da dariya. Gaskiya ta faɗa, kuma ta ceci matar daga wautata, amma ni a lokacin ba wannan nake gani ba. Ni ce ta ɗaya a aji tun shekarar farko. Sati guda in na shigo sai wata ta ɗaga yatsu biyu ta ce, "Goma ne, ku yi yunƙuri!" Wallahi na tsani matar nan tsana mai tsanani, ita kuwa ta ma manta.

Ta manta har ta zo ta same ni. Ta ce an gaya mata ba wanda ya kai ni iya canki-canka, wato jarrabawar da ake ba ka amsa huɗu ka zaɓi ɗaya. Ta ce hannunta ya san aikin, takarda ce ke kayar da ita, Turancin sai ya riƙa yi mata rawa. In taimake ta don Allah. Na ce to.

Kullum bayan la'asar nake hawa napep zuwa Ƙofar Marusa, gidan ƙanenta inda take zaune. Ta shimfiɗa tabarma, ta dama min fura, ta ɗauko littafinta. Wani tsohon kundi ne na tambayoyin baya, an yi hotonsa an sake yi har wasu haruffan sun cinye. Ita ma gadonsa ta yi daga wata da ta gama tun tuni.

Shafin farko na buɗe na ga abin. Mace mai lafiyayyen ciki, awo nawa ya kamata ta yi? An zagaye huɗu da jan biro.

Mu kuwa a shekarar aka kawo mana sabuwar malama, ta dawo daga ƙarin karatu, kuma ba abin da take so kamar ta kama mai tsohon ilimi. Ta sa mun haddace: takwas ne yanzu. Na farko cikin sati goma sha biyun farko, sai ashirin, ashirin da shida, talatin, talatin da huɗu, talatin da shida, talatin da takwas, arba'in. Naƙuda a matakin farko, wanda ke farawa daga ciwo na gaske har bakin mahaifa ya buɗe duka, a da ana cewa ta kankama daga santimita huɗu, yanzu biyar. A da in bakin bai ƙara santimita ɗaya duk awa ba sai a fara shirin taɓa mace; yanzu an ce a'a, in uwa da ɗa lafiya lau a ba ta lokaci. Cibiya a da yaro na faɗowa ake ɗaure ta, yanzu a jira minti ɗaya zuwa uku in yana numfashi. Maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ba sau biyu ba ne, aƙalla uku ne, wata-wata. Kuma malamar nan ce za ta fitar da tambayoyi. Duk ajinmu mun sani. Mama ba ta taɓa zama gabanta ba.

Na kalli jan biron nan. Na kalli Mama tana gyara tabarau. Na ce, "Awo nawa?"

Ta ce, "Huɗu."

Na ce, "Daidai."

Haka muka yi sati biyar. Kar a ce ban koya mata komai ba, na koya mata. Na nuna mata yadda ake lura da tambayar da ke neman wanda ba daidai ba. Mun bi matakan naƙuda har ta iya faɗa a barci: na biyu daga buɗewa duka zuwa fitowar yaro, na uku zuwa fitowar mabiyiya, da allurar da ake yi cikin minti ɗaya bayan haihuwa don mahaifa ta tsuke, sai awa ɗaya zuwa biyu na bayan nan da ake tsare mace saboda zubar jini. Wannan duk ta fi ni sani, suna kawai nake sa masa. Amma duk inda tsohon kundi ya saɓa da sabon karatu, sai in maimaita mata tsohon sau uku don ya zauna. Ina shan furarta ina yi. Kuma daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Sau ɗaya ta kusa tsira. Ta ce, "Ɗiyata, na ji yaran nan a wurin awo suna ce wa mata takwas. Mi ke nan?"

Bakina bai yi gardama ba. Na ce, "Kai Mama, wannan surutun bita ne. A jarrabawa abin da ke littafi ake so. Ke dai ki riƙe huɗunki."

Ta ce, "Yawwa. Da ma na ce." Ta ƙara min fura.

Ranar jarrabawa layi biyu ne tsakaninmu. Ina hango bayanta, da hijabinta da ta goge har ya yi ƙyalli. Tambaya ta uku ita ce ta awo. Na ga kafaɗarta ta saki, ta duƙa ta cika da sauri, irin na wanda ya gamu da ɗan garinsu a tasha. Na ƙirga tambayoyin da sabon karatu ya canza amsarsu. Bakwai ne.

Da muka fito, kowa ya san yadda ake yi a bakin ɗakin jarrabawa. "Ke mi kika sa a ta uku?" "Takwas mana!" "Ta naƙudar fa?" "Biyar, ai ta sha faɗa." Mama na tsaye da jakarta tana juya kai daga wannan baki zuwa wancan. Ta matso kusa da ni, murya ƙasa.

"Takwas suke cewa."

Na ce, "Ni ma huɗu na sa, Mama. Allah dai ya sa mu dace."

Sai ta dafa ni ta ce kar in damu, ni yarinya ce, ina da sauran dama. Ita take ba ni haƙuri.

Bayan sati biyu aka liƙa sakamako a allo, da lambobi ba da suna ba, amma mun san lambar juna. Hamsin ake nema. Mama ta samu arba'in da shida. Na tsaya a bayanta ina kallon yatsanta, yatsan da ya san shida daga goma, ya daɗe a kan lambarta. Sannan ya hau sama, ya yi ta hawa har layin farko, ya tsaya a kan tawa. Ba sai an yi mata lissafi ba. Mai wannan makin ba ta sa huɗu ba.

Na jira ta zage ni. Na ma shirya amsa, don ina da baki: ai ba ni na rubuta mata kundin ba, ai ita ta fara. Ba ta ba ni wannan damar ba. Ta shiga ofis ta karɓi takardarta ta sallama, ta fito, ta same ni a baranda cikin ƙawayena ana yi min barka. Ta buɗe jaka ta yago takarda daga bayan tsohon kundin, ta miƙo min da biro.

"Gobe zan koma. Matan can ba su da kowa sai ni, takarda ko ba takarda. Rubuta min satuttukan takwas ɗin. Da na maganin zazzaɓin. Da na cibiyar."

Na rubuta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ce, "Mama, don Allah..."

Ba ta kalle ni ba. Ta karɓi takardar, ta gyara tabarau, ta karanta a hankali. Sannan ta juya ga wata 'yar ajinmu, wadda da kyar ta haye da hamsin da ɗaya, ta miƙa mata.

"Ɗiyata, duba min wannan. Daidai ne?"